Yadda ake rubuta saƙon maraba a guruf ɗin WhatsApp ba tare da an tsorata sabon shiga ba

Jama'a assalamu alaikum. Yau maganar saƙon maraba nake so mu yi, wato wannan rubutun da admin yake turawa idan an saka sabon mutum a guruf, ya gaishe shi kuma ya faɗa masa yadda ake zama a wurin. Zan ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, guruf ɗin tsoffin ɗaliban sakandare ƴan aji ɗaya, irin wanda yake da mutum ɗari da wani abu, maza da mata, akwai ma'aikacin gwamnati akwai ɗan kasuwa akwai wanda yake ƙasar waje akwai kuma wanda data ma sai ya yi dabara kafin ya saya. Na zaɓi wannan ne saboda shi ne guruf ɗin da ya fi wuyar riƙewa, kowa yana ganin kansa daidai da kowa tunda benci ɗaya aka zauna, ba wanda zai yarda ka yi masa magana kamar kai ne hedimasta.

Abu na farko tun kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ka san halin da sabon shiga yake ciki. Yawanci idan an saka mutum a guruf ba ya ganin hirar da aka yi kafin zuwansa, fili kawai yake tararwa, bai san waye admin ba, bai san an taɓa yin rigima kan siyasa har mutum uku suka fita ba, bai san akwai kuɗin wata ba. To duk abin da ka sani kai da tsofaffin mambobi shi bai sani ba, kuma idan ya yi kuskure a ranar farko aka yi masa caa a gaban jama'a, wallahi da wuya ya sake buɗe baki, zai sa guruf ɗin a shiru ya bar shi nan. Saƙon maraba aikinsa kenan, ya tare wannan kuskuren na ranar farko.

Daga nan sai zaɓen dokokin, kuma a nan ne yawancinmu muke ɓata abin. Admin zai je wani guruf ya kwaso dokoki goma sha biyar ya liƙa, har da waɗanda ba su shafi mutanensa ba ko kaɗan. Kar ka yi haka. Ku zauna kai da sauran admin, ko ku yi waya, ku tambayi kanku tambaya ɗaya: a wata shida da suka wuce me da me ya jawo ɓacin rai a nan? Ku rubuta su. A guruf ɗin tsoffin ɗalibai kusan kullum abubuwan nan ne ake samu, gardamar siyasa musamman idan zaɓe ya matso, gardamar aƙida, turo labaran da ba a tabbatar ba, hotunan hatsari da gawa, talla ba dare ba rana, neman taimakon kuɗi kai tsaye, da kuma wanda ya fi ciwo wato namiji ya ɗauki lambar matar aure daga guruf ya bi ta ta bayan fage. Idan ka jera su sai ka rage, ka bar biyar, in ya yi yawa shida. Dalili kuwa shi ne WhatsApp yana yanke dogon saƙo ya sa `Read more` a ƙasa, kuma gaskiya mutane kaɗan ne suke dannawa, duk dokar da ta faɗa ƙarƙashin wannan yankan kamar ba ka rubuta ta ba ne. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne, ka tura wa kanka saƙon a waya mai ƙaramin allo, idan bai fito gaba ɗaya ba sai an ja ƙasa sosai, to ya yi tsawo.

Yaya za ka san wadda za ka cire? Dokar da ba za ka iya hukunta wanda ya karya ta ba, cire ta. Misali "dole kowa ya riƙa magana kullum", wa zai bi ya ƙirga? Kuma akwai mutanen kirki da suke karantawa kawai ba sa magana amma ranar da aka ce wane ya rasu su ne na farko a wurin jana'iza. Haka dokar da hankali ma ya isa ya faɗa wa mutum, kamar a ce banda turo batsa, ba sai ta ci layi guda ita kaɗai ba, ka haɗa ta da ta hotunan gawa a layi ɗaya.

To ga irin abin da muke yawan gani, na san kowa ya taɓa cin karo da shi:

DOKOKIN GURUF!!! BANDA SIYASA. BANDA TALLA. BANDA ZAGI. DUK WANDA YA KARYA DOKA ZA A CIRE SHI BA TARE DA SANARWA BA. ADMIN BA YA BUƘATAR SHAWARAR KOWA.

Dokokin da ke ciki ba laifi ba ne, amma ka duba, babu sallama, babu sunan mutum, babu dalilin kafa guruf ɗin, kuma barazana ta zo tun mutum bai yi komai ba. Mutumin da kuka rabu shekara ashirin, ya shigo da murnarsa zai ga abokan yarinta, abin da ya fara gani kenan. Ai ko gidanka baƙo ya zo sai ka ba shi wurin zama da ruwa kafin ka nuna masa inda ba a shiga.

Saboda haka tsarin da nake ba da shawara shi ne gaisuwa tukuna, sai dalilin guruf a jimla ɗaya ko biyu, sai dokokin, sai wanda za a tuntuɓa, sai ka rufe da ɗan abin da kake so ya yi yanzu yanzu. Ga yadda zai kasance a misalin namu:

Assalamu alaikum, barka da zuwa ɗan uwa, mun ji daɗin sake haɗuwa da kai. Wannan guruf na ƴan ajinmu ne, mun buɗe shi don zumunci da sanar da juna biki, suna, rashin lafiya ko rasuwa, da kuma taimakon wanda ya shiga matsala a cikinmu.

Ga ƴan abubuwan da muka yarda da su don zaman ya yi daɗi:

1. Muna ajiye siyasa da gardamar aƙida a waje, saboda kowa da ra'ayinsa kuma zumuncin ya fi mana.
2. Labarin da ba mu tabbatar ba ba ma turo shi, haka hotunan hatsari ko gawa ko abin da bai dace ba.
3. Talla ranar Asabar ce, kowa sau ɗaya, mu yi ciniki da juna.
4. Mai neman taimako ya fara sanar da admin, su za su kawo wa jama'a cikin sirri da mutunci.
5. Ba ma bin ƴar uwa ko ɗan uwa ta waya sai da izininsa.

Muna tara naira 1,000 duk wata ga mai hali, akawun ɗin yana cikin bayanin guruf, shi kaɗai ne namu. In akwai tambaya ko damuwa a yi wa kowane admin magana. Yanzu dai ka faɗa mana sunanka da laƙabin da aka san ka da shi a makaranta da garin da kake.

Shi kenan. Yanzu bari in ɗan tsaya a kan dalilin da ya sa aka rubuta shi haka, don in ka gane dalilin za ka iya yin naka ko da guruf ɗin adashi ne ko na ƴan unguwa.

Ka lura kusan duk dokokin da "mu" aka rubuta su, muna ajiyewa, ba ma turowa. Wannan yana nuna wa mutum cewa admin ma dokar ta hau kansa, kuma abu ne da aka riga aka yi ittifaƙi a kai ba wai an ga fuskarsa ne aka ƙirƙiro ba. Amma fa sai in gaskiya ne an yarda ɗin. Kafin ka fara tura saƙon ga sababbi, ka kawo shi gaban tsofaffin mambobi ka ce ga abin da muka tsara wa yake da gyara, ka ba su kwana biyu ko uku. Za a yi surutu, wani zai ce Asabar ba ta yi ba a mayar Juma'a, to a mayar, ba komai, wanda aka ji ta bakinsa shi ne gobe zai taya ka tsawatarwa idan wani ya kauce.

Sannan kowace doka mai nauyi tana ɗauke da ɗan dalilinta a gajarce. Ba wa'azi ba, rabin layi kawai. Mutum baligi idan ka ce masa banda siyasa kawai, zai ji kamar an toshe masa baki, wataƙila ma ya zargi admin da cewa ɗan wata jam'iyya ne, amma idan ka ce saboda kowa da ra'ayinsa, ya san ba ɓangarensa ake nufi ba.

Doka ta uku ita nake so a fi kula da ita. Ba mu hana talla ba, mun ba ta rana. Mutanenmu da yawa da wayar nan suke cin abinci, wata tana sayar da atamfa da turaren wuta, wani yana sayar da data, wani takalma, idan ka ce banda talla gaba ɗaya to ka sa doka wadda za a karya ta a sati na farko, kuma wadda za ta karya ɗin wataƙila bazawara ce mai riƙe da marayu, kai kanka ba za ka iya cire ta ba, daga nan kuma dokarka ta mutu don kowa ya ga an karya ba a yi komai ba. Duk inda za ka iya buɗe ƙofa maimakon ka gina katanga to ka buɗe. Haka ta huɗu, ba mu ce kar a nemi taimako ba, mun nuna hanyar da za a bi, wadda ta rufa wa mai nema asiri kuma ta ba admin damar su kira shi su ji muryarsa su tabbatar shi ne.

Wannan tabbatarwar ba ƙaramin abu ba ce. Ƴan damfara suna ƙwace WhatsApp ɗin mutum ta hanyar kiransa su ce ana taron guruf ta intanet, za a turo masa lamba shida ya karanto musu, alhali lambar nan ita ce ta shiga asusunsa, da ya faɗa sun shige, sai su fara tura wa ƴan guruf saƙo da sunansa da hotonsa cewa yana asibiti a taimaka a tura kuɗi wani akawun. Shi ya sa a saƙon na ce akawun ɗin da ke bayanin guruf shi kaɗai ne namu. In guruf ɗinku ya taɓa faɗawa wannan, ƙara layi ɗaya: admin ba zai taɓa tambayarka wata lamba da aka turo maka ba. Wannan layin ya cancanci wurinsa ko da za ka cire wata dokar saboda shi.

Maganar kuɗin wata kuma, ka faɗe ta tun ranar farko, adadin da lokacin da inda ake turawa. Kunya tana sa wasu admin su ɓoye sai bayan wata biyu a fito da jerin sunayen waɗanda ba su biya ba har da wanda bai ma san ana biya ba. In dole ne ka ce dole ne, in ga mai hali ne ka ce ga mai hali, kar ka bar shi a tsakiya.

Kalmar hukunci fa? Za ka ga ban sa "za a cire ka" a cikin saƙon ba. Ra'ayina ne wannan, wasu admin ba su yarda da ni ba, suna cewa in ba a ambaci hukunci ba ba a jin tsoro. Ni dai abin da na gani shi ne barazana a saƙon maraba mutanen kirki take tsoratawa, mai rigima kuwa ko a jikinsa. In kuna so a san matakan, ku sa su a bayanin guruf cikin layi ɗaya mai sanyi, cewa wanda ya manta za a tuna masa a keɓe, in ya maimaita a goge saƙon, in abin ya ci gaba admin su yanke shawara tare.

Tambayar ƙarshe ta saƙon, wato faɗa mana sunanka da laƙabinka, ita ce take buɗe bakin mutum. Sau da yawa lamba kawai ake gani ko wani suna da ba wanda ya sani, amma da ya faɗi laƙabinsa na makaranta sai ka ga guruf ya tashi, wannan ya tuno ɗakin kwanansu wancan ya tuno ranar da aka kama su sun tsallake katanga. Tambaya ɗaya mai sauƙi ta isa. Kar ka nemi hoto ko adireshin gida ko yawan ƴaƴa ko wurin aiki, wani ba ya aiki a yanzu kuma ba ya so ya fara da wannan.

Sai kuma yadda za ka kira mutum. Saƙon ɗaya ne amma layin farko kana gyara shi daidai da wanda ya shigo. In mace ce ka mayar da shi ƴar uwa, da ke, sunanki, garin da kike, kar ka tura mata na maza haka nan don gaggawa, ana lura. In malaminku ne na da aka saka don girmamawa to ba ɗan uwa ba ne, Malam ne ko Baba, kuma "ku" za ka yi amfani da shi, barka da zuwa Malam mun gode da kuka amsa gayyatarmu, sannan ni a ganina shi ba a jera masa dokoki a gaban ɗalibansa, ka tura masa a keɓe ko ka kira shi. In kuma akwai abokan karatu da ba Musulmi ba, wanda a makarantun gwamnati da yawa akwai su, barka da zuwa da sannu da zuwa sun wadatar kowa ya ji an yi da shi. In akwai wanda Hausarsa ba ta nuna ba ka ajiye fassarar Turanci gajeriya ka tura masa shi kaɗai, kar ka haɗa harshe biyu a saƙo ɗaya ya ninka tsawo.

Yanzu ɓangaren waya. Ka rubuta saƙon ka ajiye shi inda ba zai ɓace ba, mafi sauƙi ka tura wa lambarka a WhatsApp ɗin ka sa masa tauraro, duk ranar da aka saka wani sai ka kwafo ka gyara layin farko. Kwafowa za ka yi ka liƙa, kar ka tura shi kai tsaye daga wata hirar, don in wani ne ya turo maka shi zai fito da alamar `Forwarded` a samansa kuma nan take ya zama kamar takardar sanarwa. Ka rubuta `@` ka zaɓi sunan mutumin don wayarsa ta sanar da shi. In kana so wata kalma ta yi kauri ka sa ta tsakanin taurari biyu kamar haka `*Asabar*`, amma kalma biyu ko uku kawai a duk saƙon, in komai ya yi kauri ba abin da ya fito.

Dokokin kuma su zauna a bayanin guruf, wurin da ake kira `Group description`, ka danna sunan guruf a sama za ka gan shi. Amfaninsa shi ne yana nan kullum, sabo da tsoho duk suna gani. Mutane da yawa suna dogara da maƙala saƙo a sama wato `Pin`, yana da kyau amma ka san iyakarsa: kwanakinsa ƙidayayyu ne, awa 24 ko kwana 7 ko kwana 30 kake zaɓa, in sun cika ya sauka da kansa, kuma wanda ya shigo bayan an tura saƙon ba lallai ya gan shi a maƙale ba tunda saƙon ya riga shi zuwa. To ka ga maƙalawa ba ta maye gurbin turo saƙon maraba sabo. Sannan ka shiga `Group permissions` ka kashe wa mambobi `Edit group settings` don kar wani ya canza bayanin, musamman tunda lambar akawun tana ciki. In da linki ake shiga, ka kunna `Approve new members` yadda ba mai shigowa sai admin ya amince, in kuma linkin ya yaɗu inda ba ku so sai ka danna `Reset link` tsohon ya mutu. Wannan amincewar tana taimaka wa saƙon maraba sosai, don kai ne kake buɗe ƙofa, ka san lokacin da mutum ya shigo, ba sai ka wayi gari ka tarar da baƙuwar lamba ta kwana biyu ba wanda ya ce mata sannu.

Lokaci ma yana da tasiri. Ka tura a cikin awa ɗaya ko biyu da shigowar mutum, kuma kar ka saka mutane tsakar dare ko lokacin da ake tsakiyar ta'aziyya a guruf. In mutum goma za su shigo, ka saka su rana ɗaya ka yi musu saƙo ɗaya da "ku" ka ambaci kowa, don in ka turo dogon saƙo sau goma a yini tsofaffin mambobi za su gaji har su tsani saƙon. Akwai kuma waɗanda karatun boko yake musu nauyi ko ido ya fara rauni, wannan ya fi yawa a guruf ɗin dangi da na unguwa, su sai ka ƙara da saƙon murya da bai wuce minti ɗaya ba, ka faɗi abu ɗaya da wanda ka rubuta, kar ka ƙara wata doka a murya wadda babu ita a rubuce.

Ta yaya za ka gane saƙon yana aiki? Ka duba abu uku. In sababbi suna amsawa da sunansu a ranar, gaisuwar ta yi. In kuma suna yawan karya doka ɗaya tak a satin farko, to matsalar a rubutun take, ko dai dokar ta yi ƙasa sosai ba a kai gare ta ko kuma ba a gane ta ba. Misali in ka rubuta "banda abin da bai shafi guruf ba", kowa da yadda zai fassara, wani yana ganin addu'ar safiya da sitikar barka da Juma'a sun shafi guruf wani yana ganin ba su shafa ba, gara ka kira abin da sunansa. In kuwa mutum ya shigo ya karanta ya fita a ranar, to ka sake karanta saƙon da idon baƙo ka ji ko akwai faɗa a cikinsa.

Ranar da sabon shiga ya karya doka, kuma zai faru, a ce ya turo bidiyon wani ɗan takara kwana biyu da zuwansa, kar ka amsa masa a cikin jama'a da "ba ka karanta doka ba ne?". Ka bi shi a keɓe ka ce, mutumina barka da rana, na ga bidiyon da ka turo, ka tuna mun ce siyasa muna barin ta a waje, don Allah ka goge kafin a fara ja-in-ja, na gode. Yawanci zai goge har ya ba da haƙuri. In ba ya kusa da waya kuma ka ga an fara mayar da martani, admin yana da ikon goge saƙon kowa ga kowa, ka goge sannan ka sanar da shi a keɓe cewa kai ne ka goge da dalili, saboda WhatsApp yana nuna cewa admin ne ya goge, in bai ji daga bakinka ba zai ɗauka wulaƙanci ne. Kuma abin da ka yi wa sabo shi za ka yi wa tsoho, ko da shi ne ya fi kowa ba da kuɗi a asusu, ko admin ne ɗan uwanka.

Duk bayan wata shida ko idan wata sabuwar rigima ta taso ku sake duba saƙon. In za ku ƙara doka ku nemi wadda za ku cire, don kar a wayi gari ya koma goma sha biyar ɗin nan, kuma duk gyaran da aka yi a saƙon a yi shi a bayanin guruf a ranar, a kuma sanar da tsofaffin mambobi.